Jan ido iri biyu ne: abin da ruwan ganye ke yi wa kowanensu

Da kaka ta yi a ƙasar Adar, ciwon ido kan yawaita. Masu girbin hatsi ganyen kara na shafar idonsu, mata masu sussuka da shiƙa ƙaiƙayi na faɗa musu, kafin a farga iskar hunturu ta taso da ƙurarta. Shekarar da apolo ya zagayo kuwa, gida guda sai a iske mutum biyar ko shida ido jajir. A irin wannan lokaci maganganu biyu ke karo da juna a garin Tahoua da ƙauyukan kewaye. Ma'aikatan lafiya na cewa kada a ɗiga komai a ido sai abin da likita ya rubuta. Tsofaffi da maƙwabta na cewa tun kaka da kakanni ake matsa ganye, ake sa ruwan albasa ko nonon mai jego, kuma ga wane da wance sun yi sun warke.

Masu wannan magana ta biyu ba ƙarya suke yi ba, da idonsu suka ga an warke. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake kira ciwon ido ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai wanda ke tafiya da kansa ko an sa magani ko ba a sa ba, akwai kuma wanda kwanaki kaɗan sun ishe shi ya tafi da gani. A kwana biyun farko kamanninsu ɗaya ga wanda bai sani ba.

## Farin ido da gilashin ido

Sassa biyu na ido ne wannan magana ta shafa. Na farko wata fata ce siririya da ta lulluɓe farin ido da cikin fatar ido. Tana da jijiyoyin jini da yawa, shi ya sa da abu ya taɓa ta sai ta yi ja, kuma shi ya sa take saurin warkewa. Apolo a nan yake zama. Ƙwayar birus ce ke kawo shi, an fara ganin annobarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, daga nan sunan ya bi shi. Yakan fara da ido ɗaya ya tsallaka ɗayan, da hawaye da kumburi da jin kamar an zuba yashi, wani lokaci har jini ya kwanta a farin ido. Abin tsoro ne a ido, amma cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki ke kashe shi. Babu wani magani, na farmasi ko na daji, da ke kashe wannan birus. Abin da ake yi kawai shi ne tsabta da rage raɗaɗi har ya wuce.

Sashe na biyu shi ne gilashin ido, wato murfin nan mai haske da ke saman baƙin ido, kamar gilashin agogon hannu. Ta cikinsa haske ke shiga. Kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne, kuma ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, domin da yana da ita da ba a gani ta cikinsa. Wannan rashin jini shi ne rauninsa: idan ƙwayar cuta ta shige shi, dakarun jiki ba sa isa wurin da wuri. Abin da ke tsare shi hawaye ne da wata fata ta sama mai siririn gaske. Muddin fatar nan lafiya take, yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya ratsa ta. Da ta ƙuje, ƙofa ta buɗe. Idan cuta ta shiga ta ci naman gilashin, shi ne gyambon ido. In ya warke yakan bar farin tabo, wato hakiya, kuma hakiyar da ta zauna a tsakiya ta toshe gani ke nan. In bai warke ba gilashin kan huje, ruwan cikin ido ya tsiyaye.

## Abin da ke cikin ɗigo guda

Ruwan ganye na yi wa ido ɓarna ta hanyoyi biyu a lokaci ɗaya, kuma kowace na taimaka wa ɗayar.

Ta farko ƙuna ce. Hawaye ba su da tsami, ba su da kaifin toka, a tsaka-tsaki suke, kusan 7 a ma'aunin tsami. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ruwan toka da jiƙon kanwa suna ɗaya ɓangaren, kuma irin nasu ya fi haɗari, domin tsami kan ƙona sama ya tsaya, shi kuwa kaifin toka narkar da nama yake yana ƙara nutsawa ciki. Akwai kuma itatuwa masu farin nono. Na aguwa da na tinya na saɓule fatar gilashin ido da zafi mai tsanani. Na tumfafiya ya fi yaudara: sau da yawa zafinsa ba ya daɗewa, amma yana ratsawa ya lalata shimfiɗar ciki da ke tsotse ruwa daga gilashin, sai gilashin ya kumbura, gani ya yi hazo cikin sa'o'i. Ruwan albasa da garin taba ba su kai waɗannan ƙarfi ba, amma a idon da ya riga ya ji ciwo suna ƙara ƙuje fatar.

A nan ne wata fahimta da ta yaɗu ke yin ɓarna. Da yawa sun ɗauka zafin magani alamar yana aiki ne, hawayen da ke zuba kuma ciwon ne ke fita. Hawayen nan ido ne ke ƙoƙarin wanke abin da aka zuba masa. Sassaucin da ake ji bayan rabin sa'a kuwa zafin maganin ne ya lafa, ciwon na nan inda yake.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin cuta. Kowane ganye, komai kyansa, yana ɗauke da ƙwayoyin funfuna da bakteriya daga ƙasa da iska. A ƙara da turmin da aka daka shi, tsumman da aka tace, ruwan randa, da yatsun mai ɗigawa. Wanda ya sha wannan ruwa a ciki galibi ba abin da zai same shi, saboda tumbi na da ruwan tsami mai kashe ƙwayoyi. Ido ba shi da irin wannan kariya. Ganyen da ke maganin ciki ba lalle ya dace da ido ba, kuma ba don ganyen ya lalace ba, don wurin ne ya bambanta. Tafasawa na kashe yawancin ƙwayoyin, amma ba ta cire kaifin ganyen, kuma da ruwan ya huce a buɗaɗɗen kwano sai wasu su sake shiga. Ko maganin ɗigawa na farmasi, wanda aka haɗa a tsabtace aka kuma sa masa abin tsarewa, ƙa'ida ita ce a yar da shi mako huɗu bayan an buɗe kwalbar.

Fitsari ya cancanci a ware shi. Idan mai fitsarin na da ciwon sanyi, ko da bai sani ba, ƙwayar cutar na cikin ƴan kaɗan da ke iya ratsa gilashin ido ko bai ƙuje ba. Ido kan kumbura ya rufe, mugunya na ɓulɓula, kuma cikin kwanaki ƙalilan yana iya hujewa.

## Misalin manomi da ganyen hatsi

A ɗauki misalin magidanci mai shekara hamsin da wani abu, a wani ƙauye tsakanin Tahoua da Keita. Yana yankan zangarniya da la'asar, gefen busasshen ganye ya shafi idonsa na dama. Ya murza ya ci gaba da aiki. Da dare idon na hawaye, yana jin kamar akwai tsakuwa a ciki. Abin da ya faru ƙujewa ce ƙarama a gilashin ido. Irin wannan, idan ba cuta ta shiga ba, kan rufe kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Da ya je likitar ƙauye washegari, ma'aikacin lafiya zai juya fatar idon ya duba ko wani abu ya maƙale, ya ba shi man ido na antibiyotik ya riƙa sawa sau uku a rana na ƴan kwanaki, ya ce ya dawo a sake gani.

Amma aiki ya yi yawa, hatsi na gona, likita na da nisa. Da safe uwargida ta daka ganye ta tace a gefen zane ta ɗiga masa, safe da yamma. Ruwan ya ƙara faɗin ƙujewar, kuma ya kawo ƙwayoyin funfuna kai tsaye bisa buɗaɗɗen rauni, ƙari a kan waɗanda ganyen hatsin ya riga ya bari. Funfuna ba ta gaggawa. Kwana uku, huɗu, ciwon bai yi tsanani sosai ba, sai dai ba ya son haske, yana rufe idon da gefen rawani. A rana ta biyar ɗansa ya lura da wani ɗan fari-fari a kan baƙin idon, bai kai ƙwayar hatsi ba.

Wannan ɗigon fari shi ne gyambon. A ranar ce ya kamata a kama hanya. Maimakon haka, ranar kasuwa aka sayo ƴar kwalbar maganin ɗigawa a hannun mai talla. Da yawa daga irin waɗannan kwalabe na ɗauke da kortizon, mafi yawa wanda ake kira deksametazon. Aikin kortizon kwantar da kumburi ne, saboda haka ja ya ragu, zafi ya sauka, gida ya yi hamdala. Amma kumburin nan shi ne faɗan da jiki ke yi da cutar. Da aka kwantar da shi, funfuna ta samu fili ta nutsa cikin gilashin.

A rana ta goma sha biyu ciwon ya dawo da ƙarfi, har kai na sarawa, barci ya gagara. Farin ya mamaye tsakiya, kuma a ƙasan baƙin idon an ga wani farin layi a kwance. Mugunya ce ta taru a cikin ido. Sai a lokacin aka nemi mota zuwa Tahoua.

A ɗakin duba ido, za a ɗiga masa wani rini ruwan ɗorawa, a haska da shuɗin haske, duk inda fata ta saɓule sai ya fito kore shar. Daga nan tambaya ta biyo baya.

"Baba, mi kuka sa ma idon?"

"Ba mu sa komi ba, ɗana."

"Ba faɗa za ni yi muku ba, Baba. In na san abin da ya shiga, na san maganin da za ni ba ku."

Sai ɗan ya ciro kwalbar daga aljihu, ya kuma faɗi sunan ganyen. Wannan ɓoyewa ta zama ruwan dare, kuma tsoron tsawa ne ke kawo ta. Tana da tsada, domin gyambon bakteriya da na funfuna maganinsu daban ne. Antibiyotik ba ya taɓa funfuna. Ita sai irin su natamisin, wanda ba kowace farmasi ake samunsa ba, kuma a farko ana ɗiga shi kowace sa'a, dare da rana, sannan a ci gaba makonni. Idan an dace, gyambon ya mutu ya bar hakiya a tsakiya, mutumin na ganin haske da motsin hannu kawai da wannan ido. Idan ba a dace ba gilashin ya huje, kuma wani lokaci ba abin da ya rage sai a cire idon don ciwo ya tsaya.

Ba ruwan ganyen kaɗai ya kai shi nan ba. Ganyen hatsin da kansa na iya dasa funfuna ko ba a ɗiga komai ba. Abin da maganin gida ya ƙara shi ne faɗaɗa raunin, ƙarin ƙwayoyi, da kwana goma sha biyu na jira.

## Yadda ake bambanta su a gida

Ba a bukatar na'ura don gwajin farko. A rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, a share hawaye da kwantsa daga mai ciwon, a dubi wani abu da aka saba gani daga nesa, kamar ƙofar gida ko fuskar mutum. Mai apolo da ya goge ido yana gani daidai. Idan gani ya ragu kuma gogewa ba ta gyara shi ba, ciwon ya taɓa gilashi. Sai kuma a sa wani ya haska tocila daga gefe ya dubi baƙin idon: ya kamata ya yi sheƙi, babu fari ko dusu-dusu a kansa.

Irin ciwon ma na nuna hanya. Apolo ƙaiƙayi ne da jin yashi, yawanci ido biyu, kuma akwai wasu masu shi a gida ko a unguwa. Gyambo ciwo ne mai zurfi, galibi ido ɗaya, mai shi ba ya iya kallon haske, kuma sau da yawa akwai abin da ya soki idon kwanakin baya. Duk wanda ke da ɗaya daga waɗannan alamu na gyambo, ranar ce ranar tafiya, ba gobe ba. Wasu bakteriya na iya cinye gilashi cikin kwana biyu.

Yara iri biyu ba a yi musu wannan gwaji ma, kai tsaye ake kai su. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a makonnin farko na haihuwa yana iya zama ya ɗauki ciwon sanyi wajen haihuwa, kuma wannan allura yake bukata, nono ba ya kashe shi. Sai yaro mai ƙyanda da ya rufe ido ya ƙi buɗewa. Ƙyanda na ƙarar da bitamin A a jiki, gilashin ido ya bushe ya yi laushi, kuma ɗiga masa ruwan ganye a wannan hali na daga cikin sanannun dalilan makantar yara a Afirka. Abin da yake bukata bitamin A ne da ake bayarwa a likita, ranar farko da washegari. A Nijar tun 2006 doka ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar a likitocin gwamnati, ko da yake iyaye sun san akwai ranakun da maganin ke yankewa sai an saya a waje.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu maganin gargajiya da masu amfani da shi suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Magunguna da dama na farmasi daga itatuwa aka samo su, har da wasu na ido. Mai magani na cikin gari, ana samunsa da dare, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma ba ya wulaƙanta kowa. Likitan ido kuwa a birni yake, kuma idan ciwon ya fi ƙarfin Tahoua, Yamai na da nisan sama da kilomita 500. Babbar hujjarsu ita ce yawan waɗanda suka sa suka warke.

Likitocin ido ba su musanta warkewar ba, dalilinta suke jayayya a kai. Tunda mafi yawan jan ido irin mai tafiya da kansa ne, duk abin da aka ɗiga a rana ta uku shi zai karɓi yabo a rana ta bakwai. Wanda idonsa ya mutu kuwa ba a cika danganta abin da ganyen ba, sai a ce ciwon ne ya yi ƙarfi ko ƙaddara ce. Su a ɗakin dubawa waɗannan suke gani. Binciken da aka wallafa a 1994 a Tanzaniya ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na masu gyambon ido da aka duba sun sa maganin gargajiya, wani kuma a karkarar Malawi a shekarar ya samu kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon gilashin ido. Game da magungunan da aka samo daga itatuwa, amsarsu ita ce an tace sinadarin shi kaɗai, an auna ƙarfinsa, an daidaita shi da hawaye, an kashe duk ƙwayar da ke ciki, abubuwa huɗu da turmi ba ya iya yi.

Akwai abubuwan da mutane ke riƙe da su saboda addini ko al'ada, kamar zuma da kwalli. Zuma na da ƙarfin hana wasu ƙwayoyi girma, amma ta kasuwa ba a tsabtace take ba, sau da yawa ma an gauraya ta. Kwalli kuma mafi yawansa na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, kuma maciyin kwalli guda da ke zagaya idon mutanen gida hanya ce mai sauƙi ta yaɗa apolo. Addu'a da abin da ake sha ba su cikin wannan jayayya. Iyakar da likitoci ke ja ita ce abin da ke shiga cikin idon.

Ɓangarorin biyu na iya haɗuwa. A Malawi an gwada koyar da masu maganin gargajiya su gane alamun haɗari su tura marar lafiya likita, maimakon a yaƙe su. Mai maganin da ya san fari a kan baƙin ido ba nasa ba ne, shi ne mutum na farko da zai iya rage kwanakin jira.

## Abin da za a iya yi kafin a kai likita

Ga jan idon da gani bai ragu ba kuma babu fari, aikin gida tsabta ne. A tafasa ruwa a bar shi ya huce a rufe, a jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a goge kwantsa daga bayan fatar ido, ido a rufe, kowane ido da nasa. Tsumma mai sanyi a bisa rufaffen ido na rage raɗaɗi. A wanke hannu da sabulu, kowa da nasa mayafi da matashin kai. Idan kwana uku suka wuce ciwon na ƙaruwa, ko mugunya ta yi kauri, a je a duba.

Idan kuwa an riga an ɗiga wani abu mai zafi, ko nonon tumfafiya ya fantsama a ido wajen saran itace, wannan ne lokaci ɗaya da ake zuba ruwa cikin idon, kuma da yawa. A kwantar da mutum a karkace, a buɗe fatar idon da yatsu, a riƙa tsiyaya ruwa mai tsabta daga buta daga gefen hanci zuwa waje, minti goma sha biyar zuwa ashirin ba tsayawa. Ba a neman wani abu da zai karya kaifin na farko, ruwa kawai. Bayan haka a tafi likita ko da zafin ya lafa, a riƙe ganyen ko kwalbar da aka yi amfani da ita, a kuma faɗi ranar da aka fara sawa da sau nawa a rana.